Tambayar rikiruta tun da wuri ko aikin na gida ne ko na ofis: tambayoyi da amsoshi ga ƴan Kaduna

Waɗannan tambayoyin ƙannena da abokai ne suke ta turo min su ɗaya bayan ɗaya, wasu a waya wasu a majalisa, shi ne na ce bari in haɗa su waje guda in huta da maimaici. Na yi shekaru ina neman aiki daga nan Kaduna, na kuma zauna a ɗaya ɓangaren ina tace masu nema, to abin da na gani da idona ne zan faɗa.

Yaya, wai ba rashin kunya ba ne mutum ko aikin bai samu ba ya fara tambayar ko zai yi daga gida?

Ba rashin kunya ba ne ƙanina. Mu dai tarbiyyarmu ce ta sa muke jin nauyi, an saba mana in babba na magana ka yi shiru, in za a ba ka abu kar ka tsaya tambayar girmansa. Amma rikiruta ba kyauta zai ba ka ba, shi ma aikinsa yake yi, an ba shi gurbi an ce ya nemo wanda zai zauna a ciki ya daɗe. Babban abin da yake tsoro shi ne ya kai mutum har intabiyu na uku, manaja ya so shi, a rubuta takardar ɗauka, sai mutumin ya ce ai ni ba zan iya tashi daga Kaduna ba. Wannan asarar sati huɗu ko shida ce a wajensa, kuma shi za a kalla a ce bai tace da kyau ba.

Ni kaina na taɓa yi. Wani kamfani a Abuja, sun rubuta a tallarsu cewa aikin haibirid ne, wato wasu kwanaki a ofis wasu a gida, ban tambaya ba don kar a ce na cika zaƙewa. Intabiyu biyu a waya, na uku suka ce in zo da kaina, na tashi da asuba na kama jirgin Rigasa na sauka Idu na ɗauki tasi, aka yi hira mai daɗi har da shayi. Sai da ina miƙewa matar ta ce af, ka san dai kwana huɗu ne a ofis ko, Juma'a ce kawai ake yi daga gida. Haka na dawo jiki a sanyaye, kuɗin mota ya tafi, ranar aiki ta tafi, kuma wallahi ba zan ce sun yi min ƙarya ba, a wajensu haibirid ɗin kenan. Tambayar da ba ta kai minti ɗaya ba da ta raba ni da wannan wahalar.

To a wane lokaci daidai zan yi tambayar?

A kiran farko, wanda rikiruta yake yi na minti sha biyar zuwa talatin don ya ji ko kun dace. Amma kar ta zama ita ce gaisuwarka. Ka bari ya gama bayanin aikin, ka amsa tambayoyinsa biyu uku ya ji cewa ka san abin da kake yi, in aka zo wajen da zai tambayi inda kake zaune ko yaushe za ka iya farawa ko nawa kake sa ran albashi, to nan ne wajenta. Yawanci ma shi zai buɗe ƙofar da kansa, da ya ce kana ina yanzu, ka ce Kaduna, sai ka ɗora a kai.

In kuma shi ya fara nemanka ta saƙo a LinkedIn ko WhatsApp, kuma kai ka san ko sama da ƙasa za ta haɗu ba za ka iya barin Kaduna ba, ba laifi ka sa tambayar a amsarka ta farko, bayan ka gode ka nuna aikin ya ba ka sha'awa. Layi ɗaya ya isa.

Me zan ce? Ina tsoron in faɗa ya fito kamar ni malalaci ne.

Abin da ke sa ta fito kamar lalaci shi ne a yi ta a matsayin roƙo, wato a taimaka min in riƙa yi daga gida. Ka mayar da ita tambaya a kan tsarin aikin, ba a kan jin daɗinka ba. Ka faɗa da Turancinka yadda ya zo maka, ma'anar dai ta zama kamar haka: ina zaune a Kaduna, ina so in fahimci yadda ƴan wannan sashen suke aiki, kwana nawa suke zuwa ofis a sati, kuma waɗanne ranaku ne?

Ka lura ban ce ka tambaya ko aikin rimot ne, wato na yi daga nesa, ba. Wannan tambayar e ko a'a ce amsarta, kuma kalmar kowa da yadda ya ɗauke ta. Ka tambayi kwana nawa, sai an ba ka lamba. Wanda ya ce biyu ya ɗaure kansa, wanda ya fara kame-kame shi ma ya ba ka amsa ba tare da ya sani ba.

Ai sun riga sun rubuta Hybrid a tallar, me kuma zan tambaya?

Nan ne fa ake cin mutane, musamman mu da muke kallon ayyukan Abuja daga nan. A LinkedIn zaɓi uku ne mai talla yake da su, On-site, Hybrid, Remote, ya danna ɗaya ya wuce. Wanda ke zuwa ofis sau ɗaya a wata Hybrid zai danna, wanda ke zuwa kwana huɗu a sati shi ma Hybrid zai danna. Ko gwamnatin jiharmu, tun 1 ga Disamba 2021 da aka koma kwana huɗu a ofis, Litinin zuwa Alhamis, Juma'a a yi daga gida ban da makarantu da asibitoci a yadda aka fara, ai wani zai iya kiransa haibirid. Ga mutumin Malali ko Unguwar Rimi da ofishinsa ke cikin gari wannan daɗi ne. Amma a ɗauke ofishin a kai shi Wuse ko Maitama, tsari iri ɗaya ya zama tashi daga gari gaba ɗaya.

Bari mu yi lissafi don a gani. A ce albashin da zai shigo hannunka naira 400,000 ne, a ce kuma zuwa Abuja da dawowa, har da tasi daga tasha zuwa ofis da keken da zai kai ka gida, yana cin 20,000, misali kawai na ɗauka, kowa ya sa farashin ranar da yake karantawa. An ce maka kwana biyu a ofis. In Talata da Laraba ne a jere, tafiya ɗaya ce a sati, huɗu a wata, 80,000 kenan, sai kwana ɗaya da za ka yi a gidan ɗan'uwa a Kubwa ko Gwarinpa. In kuma Litinin da Alhamis ne, tafiya biyu ce a sati, takwas a wata, 160,000, wato kashi 40 cikin ɗari na albashin ya tafi a hanya. Duka biyun sunansu kwana biyu. In aka ce Litinin, Laraba, Juma'a kuwa, tafiya goma sha biyu, 240,000, to wannan kam ba ka zaune a Kaduna, kana zaune ne a kan titin Abuja.

Ban ma sa gajiya a lissafin ba. Kusan kilomita 190 ne tsakani, kuma wanda ya dogara da jirgin ƙasa ya tuna bayan harin 28 ga Maris 2022 sai da aka yi wata takwas ba jirgi, sai a Disamba ya dawo. Shi ya sa nake cewa bayan kwana nawa, tambaya ta biyu ita ce waɗanne ranaku, kuma ana iya haɗa su a jere? Sau da yawa manaja ba ruwansa da wace rana ce in dai ka halarci mitin ɗin sati, sai dai ba wanda ya tambaye shi. Sannan ka ji ƙarfe nawa ake so ka iso, don wanda zai shiga ofis ƙarfe takwas a Abuja dole ya kwana can, haka kwana biyu ya koma dare biyu.

Rikiruta ya ce min su ba su da takura, ana daidaitawa. Wannan e ce ko a'a?

Ba e ba ce. Ma'anarta babu rubutaccen tsari, abin yana hannun manaja, kuma manajoji suna canjawa. In ka ji haka kar ka yi gardama, ka ce madalla, to su waɗanda suke sashen yanzu, satin da ya wuce misali, kwana nawa suka zo? Akwai wani a cikinsu da yake zaune a wani gari? Wannan ta biyun ita ce mai tona asiri. In ya ce e akwai ɗaya a Jos ɗaya a Kano, to hanya a buɗe take, wasu sun riga ka bi. In ya ce duk suna nan cikin gari amma za a iya duba naka, kai za ka zama zakaran gwajin dafi, kuma ranar da aka kira mitin na gaggawa ƙarfe goma na safe kai kaɗai ne ba ka nan.

Akwai wasu kalmomin da in na ji su nake buɗe kunne. In aka ce a yanzu dai daga gida muke yi, wannan a yanzun tana nufin akwai shirin komawa, ka tambaya yaushe. In aka ce sai bayan furobeshan, wato lokacin gwajin sabon ma'aikaci, ka tambaya wata nawa ne, yawanci uku zuwa shida, ka san a wannan watannin kullum kana ofis kuma haya a Abuja ba a cika ba da ita ta wata uku ba, shekara ake biya. In aka ce za ka tattauna da manaja, to ba laifi, gaskiya ce ma, amma ka roƙi rikirutan ya tambayo maka kafin a sa ranar intabiyu na gaba.

Akwai bambanci tsakanin rikirutan kamfani da na ejansi?

Akwai sosai. Na cikin kamfani ya san tsarin gidansu, amsarsa ta fi ƙarfi. Na ejansi kuwa yawanci sai an ɗauki mutumin da ya kawo ake biyansa, don haka yana da dalilin da zai lallaɓa ka ka ci gaba ko da bai tabbatar ba, irin na dillalin gida da zai ce maka ai unguwar ba a ɗauke wuta. Ba duka ba ne, akwai na kirki. Amma in na ejansi ya ce maka rimot ne, ka sake tambaya a zamanka na farko da mutanen kamfanin da kansu.

Yaya ni mace ce, maigida ya ce ba zan koma wani gari ba, ga yara. In gaya wa rikiruta dalilin?

A'a ƴar'uwa, ba sai kin faɗa ba. Ki ce ina zaune a Kaduna kuma ba ni da shirin tashi, zan iya zuwa ofis sau kaza a wata in an sanar da ni da wuri. Shi kenan. Da kin kawo maganar yara da maigida, hirar ta tashi daga kan aikinki ta koma kan gidanki, wani a ransa zai fara lissafin ai wannan rabin hankalinta na kicin, alhali ƙila kin fi duk sauran masu neman iya aikin.

Abin da ya fi amfani ki faɗa shi ne hujjar cewa kin iya aiki ba tare da an tsaya a kanki ba. In kin taɓa yi, ki ce na yi shekara ɗaya da rabi ina haɗa rahoto daga nan, shugabana yana Legas, muna haɗuwa a Zoom duk Litinin. Wannan jimlar ta fi dogon bayani. Kuma ki faɗi sau nawan da za ki iya zuwa da gaske, bayan kun yi magana a gida, kar ki ce sau huɗu don a ɗauke ki alhali kin san sau ɗaya ne aka yarda.

In suka juyo da tambayar kaina, wuta da netwok fa?

Za su juyo kuwa, ka shirya. Kar ka ce ai Alhamdulillah muna samun wuta, wannan ba amsa ba ce, duk wanda ke ƙasar nan ya san halin da ake ciki. Ko layin Band A da aka ce awa ashirin ne a rana tun da aka ƙara musu kuɗi a Afrilun 2024, ranar da babban layin ƙasa ya faɗi kowa duhu ne. Ka faɗi abin da ka tanada: ina da inbata da sola da ke riƙe laftof da rawuta tsawon lokacin aiki, ina da layi biyu na kamfanoni daban, in ɗaya ya yi rauni in koma ɗayan. In ba ka da su ka faɗi inda za ka riƙa zuwa ka yi aikin.

Kai ma sai ka mayar da taka: su suke ba da laftof? Akwai alawus na data ko na mai? Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 tayar da janareta wuni guda ba ƙaramin abu ba ne, wani aikin gidan in ka cire mai da data sai ka ga bai fi na ofis da komai ba. Amma wannan ba lallai a kiran farko ba, za ta iya jira zuwa lokacin maganar albashi.

Wani abu kuma da mutane ke mantawa, kiran da kake yi da rikirutan shi kansa gwaji ne. In kana cewa za ka iya aiki daga gida murya na yankewa, janaretan maƙwabci na ruri, yaro na buga ƙofa, to ka riga ka ba da amsa.

Aikin ƙasar waje ne, an rubuta Remote. Shi ma sai na tambaya?

Shi ya fi buƙata ma. Da yawa in sun ce Remote suna nufin daga gida amma a cikin ƙasarsu, saboda haraji da dokar ɗaukar ma'aikata, ba su da rajista a Najeriya ba za su iya sa ka a jerin albashinsu ba. Tambayar farko ita ce kuna ɗaukar wanda ke zaune a Najeriya, kuma a matsayin ma'aikaci ko ɗan kwantiragi? In ɗan kwantiragi ne, ba fansho, ba inshorar lafiya, harajinka kai za ka ji da shi.

Sai lokaci. Landan da sauƙi, lokacin zafinsu agogonmu ɗaya ne, lokacin sanyi mun riga su da awa ɗaya. Nairobi sun riga mu da awa biyu, takwas ɗinsu shida ce a nan. New York kuwa, aikin tara zuwa biyar nasu a nan ƙarfe biyu na rana ne zuwa goma na dare lokacin zafi, uku zuwa sha ɗaya lokacin sanyi. La'asar, Magariba, Isha duk a cikin aiki, ga shan ruwa in azumi ya zo. Ka tambaya awa nawa ake so ku haɗu a kan layi lokaci guda, wasu awa uku ko huɗu kawai suke buƙata, sauran ka yi lokacin da ka ga dama.

Kuma ka yi hankali da shawarwarin da kake karantawa na can. A Birtaniya tun 6 ga Afrilu 2024 doka ta ba ma'aikaci damar neman sassaucin tsarin aiki daga ranarsa ta farko, ko can ɗin ma damar nema ce, kamfani na iya ƙi in yana da dalili. Wannan dokarsu ce, ba ta biyo ka Kaduna ba. A nan abin da ke cikin takardarka shi ne naka.

Sun ce dole ofis kullum. In janye ko in ci gaba?

Ka san amsar wannan tun kafin wayar ta yi ƙara. In ba zai yiwu ba, ka gode masa ka ce in gurbi ya fito wanda ake yi daga nesa ko a Kaduna ya tuna da kai, rikirutoci suna ajiye sunan wanda bai ɓata musu lokaci ba. In kuma akwai kuɗin da in aka kai za ka iya tashi, to ka faɗa, sai maganar ta koma ta albashi da kuɗin tashi. Abin da bai kamata ba shi ne ka ce ba komai alhali a ranka kana shirin in ka shiga ka lanƙwasa su. Ba sa lanƙwasuwa, kai ne za ka ƙare a tashar mota duk yammacin Lahadi.

Akwai ayyukan da ma ba sai ka wahalar da bakinka ba, kashiya a banki, nas, mai kula da sito, injiniyan masana'anta a Kakuri, jami'in da ke fita ƙauyuka. Tambayar rimot a irin waɗannan sai ta nuna ba ka karanta tallar ba.

An yarda min da baki. Ya isa?

Bai isa ba, sayen kifi a ruwa ne. Rikirutan da ya yi maka alkawari ba shi zai zama shugabanka ba, ƙila ma nan da wata shida ya bar wajen. Bayan kiran ka tura masa gajeren imel, na gode da lokacinka, yadda na fahimta aikin daga Kaduna ne tare da zuwa ofishin Abuja kwana biyu a jere sau ɗaya a sati, in ba haka ba ne a gyara min. In takardar ɗauka ta zo ka nemi layin da ya faɗi wajen aiki. In an rubuta Abuja kawai ba ƙarin bayani, to a takarda kai ma'aikacin ofishin Abuja ne, duk ranar da suka ce ka dawo kullum ba ka da bakin magana. Ka roƙa a ƙara jimla ɗaya da ta faɗi garin da kake, yawan kwanakin ofis, da wanda zai biya kuɗin tafiya in an kira ka a ranar da ba taka ba.

Ka kuma tabbata adireshinka na Kaduna suka sa a fayil, don harajin da ake cirewa daga albashi jihar da mutum yake zaune ake biya wa, naka na KADIRS ne, hukumar harajin jihar Kaduna, ba na Abuja ba. In suka tura shi wani waje, ranar da ka je neman takardar shaidar biyan haraji a nan ne za ka sha zirga-zirga.

Wani ya turo min aikin gida a WhatsApp, bai ma jira na tambaya ba ya ce rimot ne, amma in tura dubu sha biyar na rajista da horo.

Kar ka tura ko sisi. Rikiruta na gaskiya kamfani ne ke biyansa, ba mai neman aiki ba. Ka tambaye shi sunan kamfanin, ka ce ya turo saƙo daga imel ɗin kamfanin, ka kuma duba ko gurbin yana shafinsu. Yawanci daga nan ba za ka sake jin ɗuriyarsa ba.